Juma'a Da Juma'a Ake Auna Ta: Yadda Kanti Ke Gane Ciniki Ya Tsaya

Kantin da ke sayar da kaya ta intanet yana da wata matsala wadda mai shago a bakin titi ba ya da ita. Mai shago yana ganin ƙofarsa, in mutane sun daina shigowa zai sani nan take. Mai kantin intanet kuwa allo kawai yake kallo, kuma allon zai iya nuna masa komai lafiya alhali maɓallin biyan kuɗi ya daina aiki tun awa biyu da suka wuce. Shafin yana buɗewa, hotunan kaya suna fitowa, sabar ba ta faɗi ba, amma duk wanda ya zo biya da kati sai ya ga abin yana juyawa har ya gaji ya tafi. Wannan ne ya sa injiniyoyin irin waɗannan kantuna ke kafa ƙararrawa a kan yawan odar da ke shigowa. Idan oda ta ragu fiye da kima, saƙo ya tafi wayar wanda ke bakin aiki.

Wahalar tana cikin tantance abin da ake nufi da fiye da kima.

Hanya mafi sauƙi, wadda kusan kowa ke farawa da ita, ita ce a zaɓi lamba guda a tsaya a kanta. A ɗauki misalin wani kanti a Kano mai sayar da kayan masarufi da atamfa ta manhajar waya. Lambobin da za su biyo baya na misali ne, an tsara su don lissafin ya fito fili. Injiniyan kantin ya ce duk awar da oda ta gaza 60, a buga masa gargaɗi. Ranar Juma'a tsakanin ƙarfe ɗaya da biyu na rana, jama'a suna masallaci, odar da aka saba samu ba ta wuce arba'in da 'yan kai. Saboda haka kowace Juma'a wayarsa sai ta yi ƙara, ya duba, ya tarar ba abin da ya lalace. Bayan wata guda ya daina dubawa. Ranar Asabar kuma tsakanin takwas da tara na dare, lokacin da ciniki ya fi kankama, kantin kan samu oda kusan 300. Idan biyan kuɗi da kati ya lalace a wannan awar, masu taransifa kaɗai ke wucewa, odar ta sauko 190. Kantin ya yi asarar oda sama da ɗari a awa ɗaya, ƙararrawa kuma ba ta ce uffan ba, domin 190 ta fi 60 nesa ba kusa ba. Lamba guda ta yi kuskure ta fuska biyu: ta tashi mutum a banza, ta kuma yi barci ranar da ake bukatarta.

Wasu sukan ce to a kwatanta da jiya. Wannan ma ba ya kai mutum ko'ina, don jiyan Asabar Juma'a ce, jiyan Litinin kuma Lahadi. Duk ɗan tirela da ke ɗaukar shanu ya san cewa ba a auna cikar kasuwar Wudil ta ranar Juma'a da yadda filin yake ranar Alhamis, sai dai da Juma'ar da ta wuce da wadda ta gabace ta. Dabarar da injiniyoyi ke bi ita ce wannan ɗin. Ana ɗauko adadin odar wannan awa a wannan rana ta mako daga makonnin baya, a fitar da abin da aka saba gani, sannan a kafa shinge biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Muddin odar yau tana tafiya tsakanin shingayen, ba a damun kowa. Shingen yana hawa da sauka tare da mako: ya yi ƙasa da azahar ɗin Juma'a, ya ɗaga da daren Asabar.

Tunanin kafa iyaka sama da ƙasa ya girmi intanet. A shekarar 1924 Walter Shewhart, wanda ke aiki a kamfanin Western Electric a Amurka, ya zana jadawalin da masana'antu ke amfani da shi har yau don bambance sauyin da aka saba da sauyin da ke nuna wani abu ya lalace. A wajen Shewhart layin tsakiya a miƙe yake. Abin da kanti mai zagayen mako ya ƙara shi ne layin tsakiyar yana lanƙwasa bisa ga rana da awa.

A koma daren Asabar. Ga odar da kantin ya samu tsakanin takwas da tara a Asabar biyar da suka wuce: 288, 305, 410, 296, 312. Huɗu suna kusa da juna. Ta ukun, 410, ta fita daban, domin a wannan makon kantin ya yi rangwame a kan shinkafa.

Abin da hannu ya saba yi shi ne a haɗa su duka a raba biyar. Hakan yana ba da 322, lambar da ta fi huɗu daga cikin biyar ɗin girma, wato makon rangwame ya ja ta sama. Ɓarnar da ta fi wannan tana wajen faɗin shingen. Idan aka auna yadda lambobin suka warwatsu da ma'aunin da aka fi koyarwa a makaranta, ana samun kusan 50, kuma al'adar da aka gada daga Shewhart ita ce a ninka wannan sau uku. Shingen ya zama daga 172 zuwa 472. Daren da kati ya lalace oda ta sauko 190, tana cikin shinge, ba wanda aka kira. Mako guda na rangwame ya buɗe shingen har matsala ta gaske ta wuce ta cikinsa.

Maganin shi ne a jera lambobin daga ƙarama zuwa babba a ɗauki ta tsakiya: 288, 296, 305, 312, 410. Ta tsakiya ita ce 305. Ko da makon rangwame ya kai dubu, ta tsakiyar ba za ta motsa ba. Faɗin ma haka ake fitar da shi. A duba nisan kowace lamba daga 305, a samu 17, 0, 105, 9 da 7. A jera su, na tsakiya shi ne 9. Masu lissafi suna ninka wannan da 1.4826 don ya yi daidai da ma'aunin da aka saba, sai ya ba da 13 da ɗoriya, ninki uku kuma kusan 40. Shingen yanzu daga 265 ne zuwa 345, kuma 190 ta faɗo ƙasa da shi sosai.

Sai dai lambobi biyar kaɗan ne, kuma wani lokaci sukan zo kusa da juna bisa sa'a kawai, shingen ya ƙuntata har ya riƙa ƙara a kan abin da bai kai ya kawo ba. Akwai ƙa'idar da ke tsare wannan. Abin da ake ƙirgawa ɗaya bayan ɗaya, kamar oda daga mutanen da ba su san juna ba, yana da tangaɗin da ba ya rabuwa da shi ko da komai lafiya. Girman tangaɗin kusan shi ne lambar da in aka ninka ta da kanta za ta ba da adadin. Ga 305, wannan lamba 17 da rabi ce, ta fi 13 ɗin da aka samu ɗazu. Injiniya mai lura yakan ɗauki wadda ta fi girma a cikin biyun, shingen ya zama daga 253 zuwa 357. Da wannan lissafin, azahar ɗin Juma'a mai lambar tsakiya 44 tana samun shinge daga 24 zuwa 64, oda 40 ba ta ƙara tashin kowa.

Ba a kanti kaɗai ake wannan ba. A taron Monitorama na 2019, Andrew Newdigate na kamfanin GitLab ya bayyana yadda suke sa ido a kan zirga-zirgar shafinsu, wadda ke cika a ranakun aiki ta ragu a ƙarshen mako. Da farko sun kwatanta da makon da ya wuce kaɗai. Sai ranar ma'aikata ta 1 ga Mayu ta faɗo ranar Laraba, ƙasashe da yawa suna hutu, zirga-zirga ta ragu, hasashen Larabar da ta biyo baya ya fito ƙasa da gaskiya. Gyaran da suka yi shi ne ɗauko makonni uku su zaɓi na tsakiya. Sun kuma yi wata dabara mai kyau: maimakon su ɗauki daidai minti ɗaya na makon jiya, suna ɗaukar matsakaicin awa huɗu da ke kewaye da lokacin, biyu kafin biyu bayan. Ga kanti a Kano awa huɗu ta yi yawa, za ta shafe ramin sallar Juma'a gaba ɗaya, shingen ya yi tsammanin ciniki a lokacin da kowa ke sahu. Faɗin tagar dole ya bi kaifin sauyin da kantin ke da shi.

A manhajar Prometheus, wadda kamfanoni da yawa ke tara irin waɗannan alƙaluma da ita, kalmar `offset` ce ke komawa baya. Idan an riga an adana odar awa guda da sunan `oda:awa1`, lambar tsakiya ta makonni uku tana fitowa haka:

```
quantile(0.5,
     label_replace(oda:awa1 offset 1w, "mako", "1", "", "")
  or label_replace(oda:awa1 offset 2w, "mako", "2", "", "")
  or label_replace(oda:awa1 offset 3w, "mako", "3", "", "")
)
```

Akwai tarko a nan da ke kama sababbin hannu. Idan ba a sauya saitinsa ba, Prometheus kwana 15 kawai yake riƙe bayanai. Layi na uku zai dawo babu komai, kuma manhajar ba za ta yi ƙorafi ba, za ta ci gaba da lissafi da makonni biyu. Tsakiyar lambobi biyu kuwa matsakaicinsu ne, wato kariyar da aka nema ta tafi ba tare da kowa ya sani ba. Ana gane haka idan aka sa `count(` a madadin `quantile(0.5,` aka ga 2 inda ake jiran 3. Wanda ke son makonni biyar sai ya ɗaga `--storage.tsdb.retention.time` ya wuce kwana 35.

Makonni nawa ya kamata a ɗauka? Uku shi ne mafi ƙaranci, kuma mako ɗaya kawai mara kyau yake iya jurewa. Biyar yana jure biyu. Idan aka kai goma sha biyu, shingen ya yi ƙarfi amma ya tsufa: kantin da ke bunƙasa zai riƙa dukan shingen sama kullum, domin ana auna shi da yadda yake wata uku baya. Ga yawancin kantuna huɗu zuwa shida ya wadatar, kuma adadi mara biyu-biyu ya fi daɗin aiki saboda lambar tsakiyarsa ɗaya ce tak.

Ko shinge mai kyau yana buƙatar haƙuri. Bisa lissafi, ninki uku yana barin kusan sau uku cikin dubu lamba ta fita ba tare da wani dalili ba. Idan ana dubawa kowane minti biyar, mako yana da dubawa 2,016, wanda ke nufin kusan ƙara biyar na banza a mako. Shi ya sa ake sa sharaɗin cewa sai odar ta zauna a waje na wani lokaci, misali `for: 15m`, kafin a kira mutum. Kuɗin wannan haƙuri shi ne jinkiri. Kuma ba dole shingen biyu su yi daraja ɗaya ba. Faɗowa ƙasa kuɗi ne ke zuba, ya cancanci kiran waya ko da tsakar dare. Haurawa sama yakan iya jira zuwa safiya, ko da yake ba kullum albishir ba ne: farashin da aka rubuta da kuskure, buhun shinkafa a kuɗin mudu, shi ma yana sa oda ta yi tsalle.

Tsakar dare kuwa dabarar tana da makanta. Ƙarfe uku na dare kantin kan samu oda huɗu a awa. Tangaɗin huɗu biyu ne, ninki uku shida, shingen ƙasa ya faɗa ƙasa da sifili. Ba yadda za a yi oda ta gaza sifili, don haka ƙararrawar ba za ta taɓa bugawa ba ko da kantin ya mutu murus. In kuma aka ce a buga duk awar da aka samu sifili, lissafi ya nuna hakan na faruwa da kansa kusan sau ɗaya cikin dare 55, a wannan awar kaɗai. Hanya biyu ce. Ko a faɗaɗa tagar zuwa awa uku, inda abin da aka saba ya kai goma sha biyu, sifili ya zama abin da ba ya faruwa sai da dalili, ko a sa na'ura ta riƙa yin odar gwaji da kanta kowane 'yan mintoci tana duba ko ta wuce. Ta biyun ta fi sauri, kuma ba ruwanta da ko mutane sun farka.

Babban abokin gabar wannan shinge shi ne kalanda, kuma a ƙasar Hausa kalandar biyu ce. Da azumi ya kama, tsarin yini yakan juye. Safiya ta yi sanyi, la'asar ta cika da masu sayen kayan buɗa baki, lokacin shan ruwa ciniki ya tsaya cik, bayan asham ya dawo, har wajen sahur ana samun oda. Shingen da aka gina da makonni biyar na Sha'aban zai yi ta ƙara a makon farko, kuma ba zai gyaru da wuri ba. Lambar tsakiya ta biyar ba ta komawa sabon yanayi sai uku daga cikin biyar ɗin sun zama na azumi. Ma'ana sai a mako na huɗu shingen zai koyi Ramadan, daidai lokacin da sayayyar Sallah ta sake sauya komai. Bayan Sallah kuma ya shafe wasu makonni uku yana jiran ciniki da ƙarfe huɗu na asuba. Taurin kan da ya kare shi daga makon rangwame shi ne ya hana shi bin sauyi na gaske.

Kwatantawa da bara ma ba ta warware wannan kai tsaye, tunda shekarar Hijira ta gaza ta Miladiyya da kusan kwana 11. Abin da ke aiki shi ne a riƙe jerin ranaku na musamman da hannu. Ranar Sallah, ranar Maulidi, ranar zaɓe, makon rangwamen Black Friday, duk a cire su daga tarihin da ake gina shinge da shi. Na azumi kuma a ɗauko siffar yinin azumin bara, a ɗaga ta gwargwadon yadda kantin ya girma a shekara. Akwai kuma zagayen wata da shingen mako ba ya gani: makon da albashi ya shiga ya fi sauran ciniki, kuma safiyar Asabar ɗin ƙarshen wata a Kano, lokacin tsaftar muhalli da ake taƙaita zirga-zirga, ba ta kama da sauran Asabar uku. Lambar tsakiya za ta kare sauran makonni daga wannan safiyar, amma ita kanta safiyar za ta iya buga ƙararrawa duk wata sai an sa ta a jerin.

A irin waɗannan ranaku akwai ma'aunin da ya fi ƙirga oda amana, wato kason waɗanda suka fara biyan kuɗi suka kammala. Ko mutum ɗari ne suka zo ko dubu, idan an saba tara cikin goma suna wucewa sai aka ga biyar, matsalar ta fito fili. Wannan kaso bai damu da Juma'a ko azumi ba sosai, shi ya sa kantin da ya san abin da yake yi ke ajiye shi kusa da shingen. Su biyun tare kuma suna nuna inda ciwon yake. Oda ta faɗi, kaso ya faɗi, baƙi suna nan yadda aka saba: laifin yana cikin gida, wajen biyan kuɗi. Oda ta faɗi, baƙi sun ragu, kaso bai motsa ba: a duba waje. Haka ta faru ranar Alhamis 14 ga Maris 2024, lokacin da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka yanke a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet da harkokin wasu bankuna suka tangaɗa a Nijeriya da maƙwabtanta. Ƙararrawar kowane kanti tana da gaskiyar bugawa a ranar, amma ba abin da injiniyansa zai gyara. Aikinsa kawai shi ne ya sa wa ranar alama don kada ta shiga lissafin Alhamis masu zuwa.

Rauni na ƙarshe shi ne mafi wuyar gani, domin ba ya yin ƙara ko kaɗan. A ce wani sabon sauyi a manhajar ya sa shafin biya ya yi nauyi a kan tsofaffin wayoyi, kantin yana rasa kashi 3 cikin ɗari na odarsa kowane mako. Lambar tsakiya ta makonni biyar tana tsaye ne a kan mako na uku baya, don haka odar yau tana ƙasa da ita da kusan kashi 9. Shingen daren Asabar kuwa, 52 a kan 305, ya ba da sararin kashi 17. Ba a taɓa ƙetare shi ba. Mako mai zuwa shingen ya sauko tare da cinikin, haka na bayansa. Bayan makonni goma kantin ya rasa fiye da rubu'in cinikinsa, allon kuma kore ne tun daga farko. Shingen an gina shi ne don kama faɗuwar farat ɗaya, abin da ke zaizayewa a hankali kuwa yakan ɗauke shi a matsayin sabuwar al'ada.

Don haka ake zana layin tsakiyar shi kansa a wani jadawali daban mai tsawon wata shida ko shekara, wani mutum ya riƙa dubawa sau ɗaya a mako. Idan za a kwatanta da bara, sai a koma baya kwana 364 maimakon 365, domin 364 makonni 52 ne cif, Asabar ta faɗo a kan Asabar.